Godiya bayan babbar odar farko: a aika murya, a rubuta, ko a taka da ƙafa?

A ce tela ne a unguwar Zango ta Damagaram, yana da kekuna shida da yara masu ɗinki shida. Duk rayuwarsa ɗinkin sallah yake yi da na biki, kaya biyar yau, goma gobe. Ranar 25 ga Agusta sai wata makarantar kuɗi ta ba shi ɗinkin kayan ƴan makaranta, riga da wando guda 400, kowane a kan sefa 4,500. Jimilla miliyan ɗaya da jaka ɗari takwas ke nan, za a ba shi rabi a matsayin abansi, sauran sai ya kai kaya. Ciniki ya faɗa, an yi musabaha, ya dawo shago. Yanzu ta yaya zai yi godiya?

Hanyoyin da ke gabansa huɗu ne: saƙon murya ta WhatsApp, rubutaccen saƙo ta waya, takarda mai sa hannu da kashe, wato hatimin shago, ko ya wanke ƙafa ya je da kansa. Duka huɗun godiya ne, amma aikinsu ba ɗaya ba ne. Dalili kuwa, wanda ya ba ka babbar oda karon farko bai gama natsuwa da kai ba. Ya fitar da kuɗi masu nauyi ya miƙa wa wanda bai taɓa gwadawa ba, kuma daren ranar yana juyi yana tunanin ko ya yi daidai. Saƙon da zai fara samu daga gare ka shi ne zai nuna masa ko ka ji abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi. Saboda haka a nan godiya kaya biyu ta ɗauko: girmamawa, da maimaita abin da aka shirya. Wata hanyar ta fi ƙarfi wajen na farko, wata wajen na biyu.

Mu fara da murya, tunda ita ce hannu ke fara kai wa. Ƙarfinta a fili yake. Mutum zai ji gaisuwarka, ya ji ladabinka, ya ji addu'ar da ka yi masa da bakinka. Ga alhajin Kasuwar Dole wanda boko bai dame shi ba, wanda duk harkarsa da Kano da Agadas ta murya yake yi, rubutu mai tsawo takura ce, sai ya nemi yaro ya karanta masa, kuma kai ba ka so yaron shago ya san farashin da kuka yi. Irin wannan mutum murya ce tasa. Amma ta zama gajera, kada ta wuce daƙiƙa arba'in zuwa minti guda. Duk muryar da ta kai minti uku, mai karɓa zai danna 1.5x ko 2x ya ji ta a guje, kuma a cikin gudun nan ne ranar kai kaya za ta wuce bai kama ba. A yi ta a wuri shiru. Murya da ƙarar keke da janareto a bayanta tana nuna cewa tsakanin aiki ka tsakuro masa lokaci.

Raunin murya yana fitowa ne wajen lissafi. Mu a nan da dala muke ƙirga, kowa ya sani dala ɗaya sefa biyar ce. Tela zai ce "ɗari tara kowane", yana nufin dala 900, wato sefa 4,500. Wanda ya tashi cikin kasuwa ba zai yi tuntuɓe ba. Amma kontabul da ya saba da alƙaluman takarda, ko abokin ciniki na wajen Magarya ko Matamai da ke juya sefa da naira a rana guda, yana iya jin wani abu daban. Sannan murya ba ta neman kanta. Bayan wata guda, in gardama ta tashi a kan ko 15 aka ce ko 25, ba za ka iya rubuta kalma a wurin bincike ta fito ba, sai dai ka zauna kana buɗe muryoyi ɗaya bayan ɗaya. Kuma shugaban makaranta ba zai iya buga murya ya sa cikin fayil ba.

Rubutaccen saƙo ta waya shi ke toshe wannan ɓarakar. Yana isa nan take, alƙaluma suna zaune yadda aka rubuta su, ana iya tura shi ga mai riƙe da kuɗi ba tare da an sake faɗar komai ba. Ga yadda telanmu zai rubuta wa mai makarantar a yammacin ranar:

"Assalamu alaikum Hajiya. Barka da yamma, ya gajiyar ɗazu? Na rubuto ne in yi godiya da kuka amince da mu kuka ba mu ɗinkin kayan yaranku na bana. Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa makaranta albarka. Ga abin da na riƙe daga zamanmu: riga da wando 400, riga ruwan bula, wando baƙi, kowane sefa 4,500, jimilla sefa 1,800,000, abansi sefa 900,000. Za mu kawo 200 ranar 15 ga Satumba, sauran 200 ranar 27 ga Satumba, in Allah ya yarda. Jibi zan aiko da samfuri guda uku, ƙarami da matsakaici da babba, ku duba kafin mu yanka yadi. In akwai abin da na ji ba daidai ba, ku gyara mini. Na gode ƙwarai."

A lura da abin da ke ciki. Gaisuwa layi ɗaya ce, godiya layi biyu, sauran duk aiki ne. An ce "kuka" da "ku", ba "kika" da "ki" ba, domin mace ce babba kuma tana magana da sunan makaranta. An rubuta "sefa" a gaban kuɗi don kada dala ta shigo. An faɗi mataki na gaba da ranarsa. An kuma bar ƙofa a buɗe da "ku gyara mini", wanda shi ne layin da ya fi kowane amfani: in Hajiya ta amsa da "haka ne, Allah ya taimaka", to an sami shaida ba tare da an ce mata ta sa hannu a kan komai ba. In kuma wando ruwan toka take nufi, yau za a sani, ba bayan an yanka mita ɗari biyar ba.

Ranakun nan biyu ba daga sama suka faɗo ba, kuma a nan ne masu sabuwar oda suka fi cutar kansu. Farin ciki yana sa mutum ya rubuta "cikin sati biyu za ku ga kayanku". To a yi lissafi. Yara shida, kowa ya ɗinka riga da wando huɗu a yini, 24 ke nan a rana. Guda 400 za su ci kwanan aiki 17. Yadin kuma, in aka ɗauki mita biyu da rabi ga kowane yaro, mita 1,000 ake nema, launi iri ɗaya, abin da ba lalle a same shi a shago guda ba, wataƙila sai an aika Kano, a ba shi mako guda. Ke nan ɗinki zai fara wajen 1 ga Satumba. Kashi na farko zai ƙare wajen 10 ga wata, duka kuma wajen 20, in wuta ba ta yi tsiya ba, in ba wanda zazzaɓin damina ya kwantar. Shi ya sa aka rubuta 15 da 27: an bar kwana biyar zuwa bakwai na ko-ta-kwana, kuma duk da haka kaya sun riga komawar makarantu ta watan Oktoba. Abin da aka faɗa a zaure ana iya cewa ba a ji da kyau ba. Wanda ka rubuta da hannunka cikin saƙon godiya, shi za a ɗaga maka a waya a nuna maka. In ba ka gama lissafi ba, rubuta "gobe da safe zan turo muku ranakun kai kaya", ka cika wannan ƙaramin alkawarin.

Rubutun waya yana da nasa ramukan. WhatsApp yana barin a gyara saƙo cikin minti 15 kawai bayan aikawa, saboda haka a karanta alƙaluma sau biyu kafin a danna. Sifili guda ya ɓace, 1,800,000 ta koma 180,000. A duba kuma ko hirar tana kan tsarin saƙonni masu gogewa da kansu, na awa 24 ko kwana 7 ko kwana 90, domin in haka ne shaidar tana iya ɓacewa kafin a gama biya. A bar hotunan fure da zuciya da tafi. Kuma kada a aika ƙarfe sha ɗaya na dare, musamman in namiji ne ke rubuta wa matar aure. Tsakanin la'asar da isha ya isa, ko a bari sai hantsi.

Takarda fa? Mutane da yawa suna ganin ta tsufa, amma akwai inda ba abin da ke maye gurbinta. In odar daga biro ta fito, kamar ƙungiyar agaji, kamfani mai kwangila da matatar SORAZ, ko wani sashe na Jami'ar André Salifou, to ba mutum ɗaya ne abokin cinikinka ba. Akwai wanda ya nemi kayan, akwai mai saye, akwai kontabul, akwai darakta mai sa hannu. Wanda ka yi wa murya mai daɗi yana iya samun canjin wurin aiki wata mai zuwa ya tafi da wayarsa. Takarda kuwa tana shiga fayil tare da takardar oda, wadda ƴan biro ke kira bon da komand, kuma duk wanda ya gaji kujerar zai gan ta.

Shafi ɗaya ya isa, rabin shafi ma ya fi. A sama sunan shago da unguwa da lambar haraji ta NIF da ta rajistar kasuwanci ta RCCM in akwai su, sai kwanan wata, sai muƙamin wanda ake rubuta wa. A sakin farko a yi godiya, a ambaci lambar takardar odar da ranarta. A na biyu a maimaita adadi da farashi da ranakun kai kaya. A na uku a faɗi sunan wanda za su riƙa kira a shago in wani abu ya taso. Sa hannu, kashe, a saka a ambulan. A yi kwafi biyu, a bar ɗaya wurin sakatare, ɗayan a roƙa a buga masa kashen karɓa da kwanan wata a dawo da shi. In ta waya za a tura, a aika ta a matsayin PDF, kada a ɗauki hotonta a kan tabarma, domin hoto yana dusashewa kuma kashe ba ya karantuwa.

Wani abu da takarda ke tilasta maka ka warware shi ne haraji. TVA, harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya, a Nijar kashi 19 cikin ɗari ne. In shagonka yana cikin masu karɓar TVA, dole takardar ta faɗa ko 1,800,000 ɗin HT ne, wato ban da haraji, ko TTC, wato har da shi. In ban da shi ne, abokin ciniki zai ƙara 342,000. In kuwa shi ya ɗauka har da shi ne kai ba ka sani ba, kusan 287,000 za su fita daga cikin kuɗinka, abin da zai iya cinye ribar aikin gaba ɗaya. Gara a gano wannan a takardar godiya ta rana ta biyu da a gano shi ranar da aka kai faktir, wato takardar neman biya.

Game da harshe, ka bi wanda takardar odar ta zo da shi. Ko da yake dokar sake gina ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, yawancin fayilolin biro har yanzu da Faransanci ake cika su. In naka bai nuna ba, ka ba wanda ya iya ya rubuta, amma ka sa ya fassara maka layi-layi kafin ka sa hannu. Masu buga takardu suna da tsofaffin samfura a na'urarsu, kuma sau da yawa a kan bar sunan wani kamfani ko wata tsohuwar shekara a ciki. Ba abin da ke kashe godiya kamar mutum ya ga sunan wani a inda nasa ya kamata ya zauna. Ga dattijon da ya yi karatun allo kuwa, layi huɗu da ajami a takarda mai tsabta suna iya yin abin da Faransanci shafi guda ba zai yi ba.

Saura zuwa da ƙafa. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike, kuma ga wasu mutane haka abin yake ba ragi. Babban ɗan kasuwa da ya girme ka, mai sarauta a Birni, ko wanda wani dattijo ne ya haɗa ku, in ka tsaya a saƙon waya kaɗai zai ga kamar ka raina alherin. A je bayan la'asar ko da hantsi, kada a je Dole ranar Alhamis lokacin da kasuwa ta cika ya rasa inda zai sa kansa. A gaisa, a yi godiya, a yi addu'a, minti goma a tashi. Kada a manta da wanda ya yi hanyar: shi ma yana da tasa godiyar daban, kuma in dillali ne, la'adarsa magana ce da ya kamata a ce an yanke tun kafin ciniki ya faɗa, ba a cusa ta cikin godiya.

Ziyara ita ce ta fi kowace hanya nauyi wajen girmamawa, ita ce kuma ta fi rauni wajen shaida. Ga haɗari na biyu: a zaure, ana cikin raha, alhaji zai ce "ai ka ƙara mini ashirin gyara", kunya ta hana ka cewa a'a. Ashirin sau 4,500, jaka casa'in sun tafi a zama ɗaya. Wanda zai je ya tafi da amsarsa a baki, misali "ranka ya daɗe, bari in duba lissafin yadi in sanar da ku gobe". In abokin cinikin yana Yamai ne, tafiyar kusan kilomita 900, ba wanda zai sa ran ganinka. Kira ya wadatar, a bi shi da rubutu.

To wanne za a zaɓa? A ganinmu tambayar da ta fi raba gardama ita ce: wa ya yanke shawarar ba ka aikin, kuma wa zai fitar da sauran kuɗin? In mutum ɗaya ne kuma ɗan kasuwa ne, a yi murya a ranar, a biyo ta nan take da layi uku na alƙaluma zalla, sannan a je gaisuwa cikin mako in babba ne. In mai makaranta ce ko mai asibiti ko mai otal, wanda ke karatu kuma shi ke da abinsa, rubutaccen saƙo irin na sama ya isa shi kaɗai. In biro ne, takarda cikin kwana biyu, tare da gajeren saƙon waya ga wanda kuka yi magana da shi cewa an kawo ta wurin sakatare. A dukkan ukun akwai rubutu. Abin da ba mu ba kowa shawara ba shi ne murya ita kaɗai a kan cinikin da ya haura miliyan.

Akwai abubuwan da ke ɓata godiya ko ta wace hanya aka aika ta. Na farko roƙo. Kada a ce "na gode" a layin farko, a layi na huɗu a ce "don Allah a ƙara mini abansi" ko "in akwai wani aikin a tuna da ni". Mai karatu zai manta layin farko. In abansin bai shigo ba tukuna, a ambace shi a matsayin abin da aka shirya, kamar "da zarar abansi ya shigo za mu aika sayen yadi", a tsaya nan. Na biyu ƙasƙantar da kai fiye da kima. "Wallahi ban taɓa riƙe kuɗi irin wannan ba, kun fitar da ni kunya" magana ce ta gaskiya, amma abin da Hajiya za ta ji shi ne jaka ɗari tara ɗinta suna hannun mai bashi a wuya. Ba sai ka ɓoye cewa wannan ne babban aikinka na farko ba, amma ba sai ka yi shela ba. Na uku tallata cinikin. Sa hoton takardar oda a status da "Alhamdu lillahi" yana bayyana farashin abokin cinikinka ga duk wanda ke da lambarka, har da telan da ya rasa aikin.

Maganar kyauta tana bukatar a rarrabe. Ga mai dukiyarsa, ƙaramin abu ba laifi: ƙullin kilishi, alabe ko matashin fata irin na dukawan Damagaram, ko ga telanmu, riga guda da aka ɗinka da sunan makarantar a aljihu. Amma lokacinta bayan an kai kaya an gama biya ne. Kafin nan tana kama da toshi. Ga ma'aikacin biro kuwa, wanda da kuɗin wasu ya yi sayayya, a bar ta gaba ɗaya. Ƙungiyoyi da yawa sun hana ma'aikatansu karɓar komai daga masu kawo musu kaya, kuma ledar da ka ajiye masa a kan tebur gaban abokan aikinsa na iya sa a cire shagonka daga jerin waɗanda ake saye wurinsu, shi kuma a kira shi tambaya. In zuciya ta matsa sai an yi wani abu, kalandar shago da za a rataya a bango kowa ya gani ta fi ambulan.

In an aika saƙo shiru ya biyo baya, ba lalle ne an yi fushi ba. Alamar karantawa ta fito amma ba amsa, a ba shi kwana biyu. Kada a sake turo wata godiyar, kada a jera "salam" uku. Ranar da aka ce za a kai samfuri, a kai shi, a can a tambaya da baki: "Hajiya, kun ga saƙona na shekaranjiya? Launin da ranakun sun yi daidai?" In ta ce e, a dawo shago a rubuta mata layi ɗaya cewa an gode, an karɓi amincewarsu a kan samfuri, da zarar yadi ya iso za a fara yanka. Almakashi ba ya taɓa yadi sai wannan layin ya tafi.

Godiya ta biyu tana zuwa ne ranar da sauran 900,000 suka shigo, ko ta Nita aka turo ko ta Al Izza ko hannu da hannu. Ita gajera ce: an karɓi kuɗi kaza ranar kaza, lissafi ya rufe ba saura, an gode. A ƙara cewa duk rigar da ta matse yaro ko wandon da ya yi tsawo, a dawo da shi cikin mako biyu a gyara kyauta. A cikin wannan saƙon ne, ba na farko ba, ya dace tela ya ce ya adana awon yaran aji-aji da guntun yadin bana, ko da za a bukace su baɗi.